Wasiƙar Godiya ga Mahalarta Taron Bita kan Ajiyar Wake da Masara

Kano, Talata 14 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu, malaman gona, manoma, 'yan kasuwar hatsi da shugabannin ƙungiyoyin mata, muna gaishe ku da fatan kowa ya koma gida lafiya, ya kuma tarar da iyali lafiya.

A madadin kwamitin shirya taro, ina miƙa godiyarmu bisa amsa gayyatar da kuka yi ranar Asabar, 11 ga Oktoba. Kujera 80 muka jera, amma kafin ƙarfe goma mun rubuta suna 113 a rajista, har sai da matasa suka tashi suka ba dattawa wuri. Mun san lokacin da muka kira ku. Kaka ce, aiki ya yi wa kowa yawa, wani ya baro masara a shanya, wani ya rufe rumfarsa a Dawanau. Akwai waɗanda suka yi sammako daga Bichi, Gaya da Ɗambatta, da ayarin mata shida da suka taso tun daga Kazaure. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar muku da abin da kuka kashe.

Muna kuma neman afuwa kan abubuwa biyu. Abincin rana bai iso ba sai bayan la'asar, sannan lasifika ta yi ta yankewa a zaman farko, na baya ba su ji rabin bayanin ba. Laifinmu ne, mun karɓa, ba za mu ɗora wa kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka kwance buhunan nan biyu a gabanku. Wake ɗaya ne, daga gona ɗaya, tun na bara. Na buhun gargajiya ya huje, ana zuba hannu gari na tashi, ƙwari na yawo a kan tabarma. Na buhun PICS mai hana iska shiga kuwa ya fito fes, ko ɗigon magani ba a sa masa ba. Wata Hajiya daga sahun gaba ta ɗebi ƙwaya ta ciza, ta juyo ta ce wa 'yan'uwanta, "Wallahi kamar jiya aka sussuke shi." Wannan shaidar ta fi duk bayanin da muka tsara.

Da yake da yawa ba su ji farkon bayanin ba, bari in maimaita shi a gajarce. Buhun gida uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ana matse iska, a ɗaure kowane gida daban, ba a haɗa su a ƙulli ɗaya ba. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe ɗan iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu. Shi ya sa ko hujin allura a leda yana ɓata aikin, shi ya sa kuma ba a yawan buɗewa don leƙe. Dabarar ta samo asali ne daga aikin da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa buhun sosai a ƙasashenmu daga 2007. Sharaɗi dai shi ne hatsi ya bushe. Masara kada danshinta ya haura kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar awo ya tuna gwajin da muka yi: busasshiyar kwalba, busasshen gishiri, a zuba masara a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da masara rana.

Muhawarar da aka yi kan zuba Sniper a wake ta yi zafi, kuma mun ji daɗin yadda 'yan kasuwa suka faɗi gaskiyarsu, cewa tsoron asara ne ke kai mutum ga haka. Mun fahimta. Amma matsayinmu bai canza ba: wannan guba ce, ba a yi ta don abinci ba. Ragowar irin wannan magani, wato dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Kuma kafin a je ga maganar Turai, waken nan 'ya'yanmu ne ke cin sa a ƙosai da alala.

Yanzu ga roƙonmu. Mun shirya ɗan fom don jin ra'ayinku, ga adireshinsa:

bit.ly/raayin-ajiyar-hatsi

Tambayoyi bakwai ne, da Hausa, ba za su ci muku minti biyar ba, kuma ba dole ne a sa suna ba. Don Allah kada kunya ta sa a rubuta mana "komai ya yi" alhali akwai gyara. Tambaya ta shida ita ce muka fi matsuwa da ita: wane abu ne kuka so ji amma ba a taɓo ba, ko aka taɓo ba a fayyace ba? Amsoshinku ne za su nuna mana abin da za mu ƙara a ɗan littafin da muke haɗawa, don haka ba za mu kai shi ɗab'i ba sai mun karanta su. Za a rufe fom ɗin ranar Juma'a, 24 ga Oktoba. Wanda ba shi da babbar waya, ko karatun boko ke ba shi wahala, ya faɗa wa shugaban ƙungiyarsa ko malamin gonar yankinsa da baki, su za su cike masa.

Game da kayan taro da muka yi alkawari, ba za su zo a lokaci ɗaya ba. Takardun da malamai suka gabatar za mu tura su zauren WhatsApp na mahalarta ranar Litinin, 20 ga wata. Biyu daga ciki da Turanci aka rubuta, ana kan mayar da su Hausa, abin da ya jawo jinkirin ke nan. Sautin zaman rana zai biyo baya ranar 27, an yanka shi gajeru-gajeru don kada ya cinye muku data. Na zaman safe bai ɗauku da kyau ba, amma malamar da ta yi bayani kan funfuna da gubar afulatoksin ta amince za ta sake karanta shi a ɗauka. A ciki za ta amsa tambayar da aka yi ta maimaitawa kan yadda ake amfani da Aflasafe, maganin hana wannan guba na cibiyar binciken noma ta IITA: a gona ake watsa shi, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, ba a sito ba. Na bana ya wuce, sai dai a yi tanadin baɗi.

Ɗan littafin mai hotuna, wanda ke nuna yadda ake gwada leda da ɗaure buhu mataki-mataki, muna so ya shiga hannunku ranar Asabar, 1 ga Nuwamba, kafin roron wake ya kankama. Shugabannin ƙungiyoyi za su karɓa tare da takardun shaidar halarta. Wanda yake shakkar yadda aka rubuta sunansa a rajista, ya gyara a tambaya ta bakwai, amma ya sani yin hakan zai bayyana mana ko wane ne shi.

An kuma tsinci carbi da tabarau a ɗakin taro, suna wurina.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya tsare mana abin da muka noma.

Naku,
Malam Rabi'u
Sakataren kwamitin shirya taro