Netwok ya gudu a shagon Alhaji Sabo

Wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, an sallame La'asar kenan, Hajiya Ladi tana tsaye gaban kanta da buhun shinkafa da galan ɗin mai an riga an ɗaura mata a bayan adaidaita, na'urar POS ɗin Alhaji Sabo ta fara wannan juye-juyen nata. Ta juya ta juya, can ta rubuta "Connection timed out". Ba a yi minti ɗaya ba wayar Hajiya ta yi ƙara.

"Alhaji ga alat nan fa, an cire min kuɗi."

"Hajiya wallahi ni ba su shigo min ba, kin ga ko rasit bai fito ba."

"To ni ina ruwana da rasit? Dubu tamanin da biyar ce fa, ba naira biyar ba."

Mai adaidaita yana ta danna hon, Mudi yaron shago ya ɗauki na'urar ya fita da ita bakin titi yana ɗaga ta sama, Alhaji kuwa sai haƙuri yake bayarwa, ƙarshe dai ya ce ta tafi da kayan, in kuɗin sun dawo mata ta yi masa tiransifa. Ta tafi tana mita.

Shagon kwantena ce ta ƙarfe a Ɗorayi, kayan masarufi da lemo da fiyawota. Tun lokacin canjin kuɗi na 2023 Alhaji ya karɓi POS, da can cewa yake shi bai yarda da kuɗin da ba ya iya lissafawa da yatsa ba, amma da takardar kuɗi ta yi wuya ba shiri ya sallama. Kuma ta yi masa aiki lafiya ƙalau, sai da zafin bana ya shigo ta fara wannan iskancin, yanzu tana aiki, anjima ta ɗauke, bayan minti biyu ta dawo ba wanda ya taɓa ta. Ya canja sim sau ba adadi. Ya kira kamfani suka ce ya kashe ya kunna. Suka canja masa wata sabuwa fil, kwana biyu ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Har ya fara kallon Ɗanjuma mai shagon da ke kallonsa da wani ido, don ta Ɗanjuma ba ta taɓa yin haka ba, kwastomominsa kuma can suke tsallakawa. Wata rana ma Mudi ya kama shi yana yi wa na'urar tofi, ya yi kamar bai gani ba.

Washegari da azahar Nura ya iso a kan mashin, jaka a baya. Wani maƙwabci ne ya haɗa su, ya ce yaron yana gyaran waya a Farm Centre kuma ya san harkar netwok sosai.

"Sannu da zuwa Injiniya. Ga ta nan, ni dai na gaji, in aljanu ne ma ka faɗa min."

Nura ya yi dariya. "Baba bari mu gani tukunna."

Ya shiga saitin, ya ɗan ɓata fuska. "Baba ai ba da sim take aiki ba, a kan wayifai take."

"A kan me?"

Mudi ya nuna wata farar rawuta, na'urar da ke ba da wayifai ɗin, da aka rataye a ƙusa kusa da ƙofa, ƙura ta rufe ta. Ashe Abba ɗan Alhaji ne ya saka ta bara, saboda a cikin kwantena sim ba ya kama sabis sosai, ƙarfen yana tare shi, shi ya sa ya ajiye rawutar a bakin ƙofa ya haɗa POS ɗin da ita, kuma da aka kawo sabuwar ma shi ya sake haɗawa kafin ya koma makaranta. Duk sim ɗin da Alhaji ya yi ta saye a banza.

Nura ya gwada katinsa, naira ɗari, ta wuce sumul. Ya sake, ta wuce. Alhaji ya tafa hannu. "Ka gani ko? In ta ga baƙo sai ta nutsu!"

"Yaushe ta fi yi?"

"Kullum."

"Da yamma ta fi yi," in ji Mudi. "Da safe ba ta cika yi ba."

Nura bai ce komai ba, ya ja benci ya zauna, aka kawo masa lemo mai ɗan ɗumi-ɗumi. Alhaji ya fara tunanin ko yaron nan zaman kashe wando kawai ya zo yi masa. Wajen uku saura aka ɗauke wuta, Mudi ya zagaya baya ya ja ƙaramin janareta, fanka ta ci gaba da juyawa. Ba a jima ba firizar da ke lungu ta yi wani gurnani, guuuu, ƙwan fitilar da ke sama ya dushe ya koma ja, fanka ta rage gudu, sai aka ji ƙat! komai ya dawo daidai. Nura idonsa na kan rawuta. Fitilunta duk sun mutu, sai guda ɗaya tana ƙiftawa.

"Mudi, sa katin nan yanzu."

Ta juya ta juya. "Connection timed out".

Nura ya tashi ya bi wayar rawutar da hannu, ta bi bayan katan-katan na taliya ta sauka ƙasa, ta shige cikin wani ekstenshan da bakinsa ya yi baƙi, kuma a jikinsa ɗin dai aka soka firizar.

"Baba yaushe ka sayi firizar nan?"

"Gab da azumi, 'yar gwanjo ce amma mai kyau ce, da kaina na zaɓa."

"Matsalar POS fa yaushe ta fara?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe.

Nura ya yi masa bayani a hankali. Kwamfuresan firiza in zai tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in yana tafiya, wutar gari tana iya ɗauka, amma wannan ɗan janaretan ba zai iya ba sai wutar ta faɗi, rawuta kuma ba ta da batir, ko na daƙiƙa ɗaya wuta ta yi ƙasa sai ta mutu ta sake tashi daga farko, kafin ta kamo sabis an yi kusan minti biyu. POS ɗin tana da batirinta shi ya sa ba ta mutuwa, kai kana ganinta a kunne, alhali hanyar da take bi ce ta yanke. In an yi rashin sa'a ta yanke bayan banki ya cire kuɗi kafin amsa ta dawo, shi ne irin na Hajiya jiya.

"Kuma wannan ƙat ɗin da ka ji, kwamfuresan ne ya kasa tashi ya saki, anjima zai sake gwadawa. Ina zargin rilen da ke tayar da shi ya gaji. Shi ya sa ma lemonka ba sanyi."

Ya zaro wani ɗan akwati baƙi daga jaka, ƙaramin batir na rawuta mai bolt 12, ya jona shi tsakanin caja da rawutar, ya mayar da cajar wani soket daban. Suka zauna jira. Firiza ta sake gurnani, fitila ta dushe, rawuta ko gezau. Mudi ya sa kati, rasit ya fito ƙirrr.

Alhaji ya karɓi rasit ɗin ya juya shi gaba da baya, ya leƙa waje wajen shagon Ɗanjuma, ya ce astagfirullah a hankali.

"To Injiniya nawa ne abin?"

"Batirin dubu ashirin da biyu, aikina kuma abin da ya sawwaƙa. Amma ka kira mai gyaran firiji gobe-goben nan Baba, in ba haka ba kwamfuresan ne zai ƙone, kuma ekstenshan ɗin nan a yar da shi."

"Ashirin da biyu? Wannan ɗan mitsitsin? Sha biyar."

"Wallahi ko ni ban saye shi haka ba."

Suka daidaita a ashirin, Alhaji ya ƙara masa biyar na aiki da gwangwanin madara biyu ya kai wa iyali. Nura na tada mashin Alhaji ya ƙwala wa Mudi kira, ya ce ya nemo masa lambar wanda ya sayar masa da firizar nan, yau sai ya ji dalili.