Darasi: Yadda ake gano nauyin mol na tururin da ba a san shi ba

Ɗalibai, ga bayanin gwajin da muka yi ranar Talata a rubuce. Na duba takardunku duka, kuma amsoshin sun tarwatse: daga mai 15.7, sai mai 23.7, sai mai 41, sai masu 56, alhali ruwan da na ɗiga muku a kwalba guda ɗaya ne. Ku ɗauko takardunku ku ajiye kusa, mu bi aikin tare daga tushe, kowa ya ga inda ya kauce.

Tambayar ita ce: an ba ka wani ruwa garai-garai mai saurin tashi, ba suna a jikin kwalbarsa. Mol ɗaya na wannan abu giram nawa ne? Ƙwayoyinsa ba sa ƙirguwa, balle a ɗora guda a sikeli. Amma da zarar ya zama tururi, ya shigo hannu. A shekarar 1811 Amedeo Avogadro ya kawo ra'ayin cewa kwalabe biyu masu ciki daidai, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyin iskar da ke cikinsu ɗaya ne, ko da iskokin sun bambanta. To idan adadin ɗaya ne amma wannan kwalba ta rinjayi waccan a sikeli, ƙwayoyinta ne suka fi nauyi. A 1826 Jean-Baptiste Dumas, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, ya mayar da wannan tunani aikin hannu, kuma hanyarsa muka bi.

Mafarin lissafin shi ne dokar iska da kuka sani:

PV = nRT

Adadin mol, wato n, shi ne nauyin tururin m a raba da nauyin mol M. Idan muka sa m/M a gurbin n, muka juya lissafin M ya koma gefe shi kaɗai, za mu samu M = mRT/PV. Ku lura m/V na zaune a ciki, kuma shi ne densiti, wato nauyin lita guda ta tururin, wanda muke rubutawa d. Saboda haka:

M = dRT/P

Kada ku haddace wannan kamar karatun aku. Layi biyu ne daga PV = nRT, wanda ya iya fito da shi da kansa ba zai taɓa ɗora P a sama ya sauke T ƙasa ba.

Yanzu alƙaluman rukuni na uku, don su ne suka fi tsabtar aiki. Sun auna busasshiyar kwalba, makullin wuyanta a buɗe, sikeli ya nuna 96.215 g. Suka zuba kimanin 4 mL na ruwan, suka nutsar da kwalbar har wuya cikin tafasasshen ruwa a kan rishon lantarki (ba mu kunna wuta mai harshe ba, domin tururin irin waɗannan ruwaye yana kamawa nan take). Ruwan cikin kwalbar ya tafasa, tururinsa ya kori iskar da ke ciki, rarar ta fice ta wuya. Da ɗigo na ƙarshe ya ɓace suka ƙara minti biyu, sannan suka rufe makullin tun kwalbar tana cikin ruwan zafi. A daidai wannan lokaci matsin ciki da na waje sun zo ɗaya, zafin tururin kuma shi ne zafin ruwan da ya kewaye shi. Ma'aunin zafi ya nuna 98.4 °C, baromita ta nuna 718 mmHg. Suka tsamo kwalbar, suka goge ta tas, ta huce, suka sake aunawa: 96.412 g. Daga baya suka cika ta da ruwa har makulli, suka juye a silinda, ya ba su 268 mL, duk da cewa 250 mL aka rubuta a jikinta. Wancan rubutu iyakar zanen da ke jikinta yake nufi, tururi kuwa har wuya yake cikawa.

A nan ne na fi so ku nutsu. Bambancin awo biyun 0.197 g ne, amma wannan ba shi ne nauyin tururin ba. A awon farko kwalbar da muke kira fanko cike take da iskar ɗaki, a na biyu kuma tururi ya kore ta. Dole a mayar da nauyin iskar da aka kora. A zafin ɗakinmu na ranar, 30 °C, da matsin 718 mmHg, lita ɗaya ta iska tana da nauyin 1.10 g (da wannan doka tamu aka samo shi, aka ɗauki nauyin mol na iska a kusan 29 g). Ke nan:

iskar da aka kora = 0.268 × 1.10 = 0.295 g

m = 0.197 + 0.295 = 0.492 g

d = 0.492 / 0.268 = 1.836 g/L

Wanda ya samu 23.7, iskar nan ya manta. Ya zubar da fiye da rabin nauyin tururinsa bai sani ba.

Kafin a taɓa kalkuleta sai an daidaita ma'aunai da R ɗin da za a yi aiki da shi. Mun ɗauki R = 0.08206 L·atm/(mol·K), don haka matsi sai a atm, zafi sai a kelbin:

P = 718 / 760 = 0.9447 atm

T = 98.4 + 273.15 = 371.55 K

M = (1.836 × 0.08206 × 371.55) / 0.9447 = 59.3 g/mol

Ku bi ma'aunan da ido: L ta soke L, atm ta soke atm, K ta soke K, saura g/mol. In abin da ya rage maka ba shi ba ne, tsaya, akwai abin da ka juya. Mai son R = 8.314 J/(mol·K) ma ƙofa a buɗe take: matsin zai zama kimanin 95,700 Pa, densiti 1.836 kg/m³, amsa ta fito 0.0593 kg/mol. Abu ɗaya ne, sai dai a tuna kilogiram ne, a ninka da 1,000.

Amsar 15.7 ita ta fi damuna, domin mai ita ya rubuta da ƙwarin gwiwa cewa abin mitan ne, CH₄, mai nauyin mol 16. Ya sa 98.4 kai tsaye bai mayar kelbin ba, sai kuskuren ya faɗo kusa da wani abu da ya sani, ya amince. Ɗana, tambayi kanka: mitan yana tafasa ne a wajen −161 °C, yaya za a yi in ɗiga maka shi a kwalba da rana tsaka a Kano? Lissafi ya ƙare, amma dubawa da hankali ba ta ƙare ba. Dalilin kelbin kuwa shi ne girman da iska ke cikawa yana tafiya ne daidai da zafin da aka ƙirga daga sifili na haƙiƙa, ba daga inda ruwa ke daskarewa ba.

Mai 41 ya ninka densiti da 22.4. Wannan lamba ta 0 °C ce da 1 atm kawai. A yanayin kwalbarmu mol ɗaya yana cika RT/P, wato lita 32.3, kuma 1.836 × 32.3 ya dawo da mu 59.3.

Masu 56 su ne mafi yawa, kuma na fahimci yadda aka yi. Ba su duba baromita ba, ba su duba ma'aunin zafi ba, suka rubuta 760 mmHg da 100 °C tun da haka littafi ya saba kawowa. Waɗancan alƙaluma na bakin teku ne. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, iskar da ke danne mu ba ta kai ta Legas ba, shi ya sa ruwanmu ya tafasa kafin 100 °C. A nan kuskuren ya tsaya a wajen kashi 5 cikin 100. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, matsi yana wajen 660 mmHg, ruwa yana tafasa a kusan 96 °C, wanda ya rubuta 760 a can zai rage amsarsa da kusan kashi 13 cikin 100, abu mai 58 ya koma masa 50. Abin da na'ura ta nuna a ɗakinka a ranar, shi ake rubutawa.

To mene ne ruwan? Lambar 59.3 ita kaɗai ba ta faɗin suna. Na ba ku ƙarin bayani a allo: kabon kashi 62.0, haidurojin 10.4, oksijin 27.6. Raba kowanne da nauyin atam ɗinsa ya ba da 5.16 da 10.3 da 1.73, wato 3 da 6 da 1. Mafi sauƙin tsari ke nan C₃H₆O, mai nauyin 58.08. Da muka raba 59.3 da 58.08 muka samu 1.02, wato sau ɗaya, don haka tsarin ƙwayar shi ne C₃H₆O ɗin kansa. Amfanin gwajin tururi ke nan: ba sai ya buga daidai ba, ya isa ya nuna maka sau ɗaya ne, ko biyu, ko shida, kamar benzin da mafi sauƙin tsarinsa CH ne mai 13 amma ƙwayarsa C₆H₆ ce mai 78. Ko bayan haka da sauran aiki, domin furofanal da asiton duka C₃H₆O ne. Zafin tafasa ya raba gardama: furofanal wajen 48 °C, asiton 56 °C, namu kuma a 54 °C ya fara tafasa, daidai da asiton a matsin da bai kai na bakin teku ba. Wasunku mata sun gane shi tun daga wari, don da shi ake goge jan farce.

Saura kashi 2 cikin 100 da amsarmu ta haura 58.08. Kada ku ɓoye shi, kada kuma ku gyara alƙaluma don su dace. Wani ɓangare laifin dokar ne: PV = nRT tana ɗauka ƙwayoyi ba sa jan juna, alhali tururin da bai yi nisa da zafin tafasarsa ba ƙwayoyinsa suna ɗan janyo juna, sai su taru a kwalba fiye da yadda doka ta zata, amsa ta ɗan hau. Shi ya sa ake so zafin ruwan tukunya ya wuce zafin tafasar abin da rata mai kyau. Sauran na hannu ne: ɗigon da bai gama tashi ba, ko laimar da ta maƙale a gindin makulli. Ɗigo ɗaya na ruwa yana kai 0.05 g, wanda a wannan gwaji ya kai kashi 10 cikin 100 na duk abin da muke aunawa. Akwai ma abubuwan da hanyar ke yaudara gaba ɗaya: asid ɗin asetik, CH₃COOH, nauyin mol ɗinsa 60 ne, amma a tururi kusa da tafasa ƙwayoyinsa da yawa suna manne bibbiyu, sai amsa ta fito sama da 60 nesa ba kusa ba.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin. Wani tururi yana da densiti 2.49 g/L a 96.0 °C da matsin 658 mmHg, mafi sauƙin tsarinsa kuma C₃H₇. Ku nemo nauyin mol ɗinsa da tsarin ƙwayarsa, sannan ku faɗi da kashi nawa cikin 100 amsar gwajin ta bambanta da ta ainihi. Ku fara da PV = nRT, ku rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, in ga inda suka soke juna. Waɗanda suka samu 15.7 da 23.7 da 41 su haɗo da gyaran lissafinsu na Talata a bayan takardar.