Hafsa, ga inda lissafinki na amoniya ya kuɓuce

Hafsa na ga hoton littafinki da kika turo, na zauna na bi shi layi layi bayan la'asar. Farkon aikin kam ba laifi, ikweshan ɗinki daidai yake:

```
N2 + 3H2 → 2NH3
```

An ba ki giram 28 na naitirojin da giram 4 na haidirojin, aka ce ki nemo giram nawa na amoniya za a samu, kin raba 28 da 28 kin samu mol 1, kin raba 4 da 2 kin samu mol 2, duk wannan ras yake, madalla.

To a layi na huɗu ne aka samu matsala. Kin rubuta wai tunda 1 bai kai 2 ba naitirojin ne zai fara ƙarewa, shi ne limitin riyejen ɗin. A'a ƙanwata, ba a gwada mol da mol tsirararsu haka, sai an duba lambobin da ke gaban kowanne a ikweshan. Ki ɗauki Keke Napep ɗin da kike hawa daga Pantami zuwa makaranta, bodi ɗaya taya uku yake ci. In mai haɗawa yana da bodi 10 da taya 12, tayoyin sun fi yawa a ido amma keke 4 kawai zai tayar, tayar ce za ta ƙare ta bar shi da bodi 6 a ajiye. Haka nan mol 1 na naitirojin yana neman mol 3 na haidirojin, ke kuma 2 gare ki, bai isa ba.

```
N2: 1 ÷ 1 = 1
H2: 2 ÷ 3 = 0.67
```

Ƙaramin shi ke fara ƙarewa, wato haidirojin.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne amsarki ta giram 34 ita da kanta tana faɗa miki akwai gyara, duka duka abin da aka zuba giram 32 ne, 28 da 4, to daga ina sauran biyun suka fito? Ki riƙa yin wannan ɗan binciken kafin ki ja layi ƙarƙashin amsa, ko minti ɗaya ba ya ci.

Sannan na ga a gefe kin sake gwadawa da haidirojin da fensir, kin kusa, sai kika kifar da reshiyon, kika yi 2 sau 3/2 kika samu mol 3, giram 51 ke nan, ya ma fi na farko muni. Abin da kike nema shi ke hawa sama, wanda kike da shi a ƙasa, don ya soke:

```
2 mol H2 × (2 mol NH3 / 3 mol H2) = 1.33 mol NH3
4/3 mol NH3 × 17 g/mol = 22.7 g NH3
```

Naitirojin da aka ci giram 18.7 ne, saura 9.3, ki haɗa da 22.7 ki gani, 32 cif.

Yanzu ki mayar da haidirojin giram 9, naitirojin yana nan a 28, ki yi ki turo min kafin isha'i, kuma ki rubuta yunit a kowane layi don Allah. Ki gaida Umma.