Waɗanda Suka Koyi Mota a Hannunmu, da Kuɗin Karatun Bana

Makarantarmu ta koyon tuƙi tana kan Titin Zariya a Kano, kuma duk ƙarshen wata mukan kawo labarin wasu daga cikin ɗalibanmu, bayan sun ba mu izini, tare da farashin karatu, domin mai niyyar zuwa ya san abin da zai biya tun daga gida.

Ta farko malamar jinya ce mai aikin dare. Maigidanta ya saya mata mota, amma motar ta shekara guda a lulluɓe da tamfal, domin ranar da ta fara gwadawa a unguwa ta taka totur a maimakon birki, ta rushe dakalin maƙwabta. Da ta zo wurinmu, kwana uku na farko ba mu bar ta ta fita titi ba. A fili muka tsaya, tana tayar da mota tana tsayar da ita, malamarta na zaune a gefe tana cewa, "Hajiya, diddige a ƙasa, ƙafa ɗaya ce mai birki da totur," har sai da ƙafar ta daina laluben wurinta. A mako na huɗu ta ratsa Ƙofar Nassarawa da ƙarfe biyar na yamma, 'yan adaidaita sahu sun kewaye ta hagu da dama, ba ta firgita ba. Yanzu ita take kai kanta asibiti, ta dawo bayan asuba.

Na biyu matashi ne mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ya ce ya iya mota, lasisi kawai yake so. Gaskiya hannunsa ya faɗa, sai dai bai san wa ke da hanya a shataletale ba, ba ya duba madubi, kuma ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci. Irin waɗannan sun fi sabon shiga wuyar gyara, saboda sai an fara raba su da abin da suka saba. Kwana 10 ya yi, ya ci jarrabawa a zama ɗaya.

Akwai kuma dattijo ɗan fansho mai shekara 63, wanda 'ya'yansa suka ce lokaci ya wuce. Ribas ne ya ba shi wahala. Ya nace a kansa mako biyu, kuma ranar Juma'ar da ta wuce shi ya tuƙa jikokinsa zuwa Wudil.

Game da farashi kuwa, karatunmu mataki uku ne. Matakin farko na wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ne, kuma kuɗinsa naira 70,000 a mota otomatik. Darasi 26 ne, awa ɗaya kowace rana daga Litinin zuwa Asabar, ciki har da zaman aji kan alamomin hanya da dokokin tuƙi.

Mataki na biyu naira 90,000 ne, darasi 26 shi ma, amma a mota mai giyar hannu. Shi muke ba duk mai son ya ci abinci da tuƙi shawarar ya ɗauka, domin wanda ya iya sarrafa kuloci a hawan gada cikin cunkoso ba zai sha wuyar otomatik ba, alhali wanda ya fara da otomatik sai ya sake zama ɗalibi. A nan ne kuma muke koyar da duba baƙin mai da ruwan lagireto, da canza taya a gefen hanya.

Mataki na uku naira 140,000 ne, darasi 36, ya haɗa motocin biyu, da tuƙin dare, da tafiya sau biyu a babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Malami yakan je ya ɗauki ɗalibi a ƙofar gida idan yana cikin birni. Wanda ya riga ya iya, gyaran hannu kawai yake nema, zai biya naira 35,000 na darasi 10.

Duk waɗannan kuɗaɗe sun haɗa da man mota da takardar kammala karatu. Ana biyan rabi ranar rajista, masu matakai ukun nan su cika sauran kafin darasi na 13, kuma wanda bai ci jarrabawa ba muna ƙara masa darasi uku kyauta. Kuɗin takardar izinin koyo da na lasisi ba sa ciki, domin na gwamnati ne, ɗalibi zai biya da hannunsa ya karɓi rasit. Jami'an duba motoci, wato VIO, su ke gwada direba, sannan ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a cibiyar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya zaɓi lasisin shekara 3 ko na shekara 5. Ba ma yi wa kowa hanyar lasisi ba tare da ya zauna a mota an gwada shi ba, ko nawa zai bayar.

Ba ma karɓar wanda bai cika shekara 18 ba. Mata masu son mace ta koya musu su faɗa tun ranar rajista, domin malamai mata biyu gare mu kuma jadawalinsu yakan cika da wuri. Ofis yana buɗe daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ban da Lahadi, kuma a zo da hoton fasfo biyu da katin shaidar ɗan ƙasa.