Tsarin Rumfuna da Zirga-zirgar Baƙi a Baje Kolin Ƙananan 'Yan Kasuwa

Daga Kwamitin Tsare-tsare zuwa ga masu rumfuna, masu kafa rumfuna da masu kula da ƙofofi

Za a buɗe baje kolin daga Alhamis zuwa Asabar, ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Ranar Talata za a shata ƙasa a kafa rumfuna, ranar Laraba a shigo da kaya. Duk wanda aka ba rumfa ya karanta wannan takarda kafin ya zo, musamman abin da ya shafi hanyoyi, domin a nan ne kwamiti ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Yadda aka raba zauren

Tsawon zauren mita 45 ne daga yamma zuwa gabas, faɗinsa mita 30 daga kudu zuwa arewa. An ware mita 6 a yamma don rajista da wurin zama, an ware mita 6 a gabas don dandalin gwada kaya. Mita 33 da suka rage a tsakiya su ne na rumfuna 60, kowacce mita 3 da mita 3, a layuka shida masu rumfa goma-goma.

Layin A yana jikin bangon arewa, layin F yana jikin bangon kudu, kuma an bar mita 1 a bayan kowannensu don wayoyin lantarki. B da C sun jingina baya da baya, haka D da E. Hanyoyi uku ne suka miƙe daga yamma zuwa gabas: ta kudu tsakanin E da F mita 3, ta tsakiya tsakanin C da D mita 4, ta arewa tsakanin A da B mita 3. Bayan rumfa ta biyar a kowane layi akwai hanyar da ta ratsa zauren daga kudu zuwa arewa, ita ma mita 3, kuma ta yi daidai da ƙofofin gaggawa biyu da ke tsakiyar bangwayen.

Dalilin da ya sa ba za a taɓa hanya ba

Mai rumfa yana kallon mita 3 na fili a gabansa sai ya ga kamar asara ce, ya ce bari ya ɗan turo teburinsa gaba. Ga lissafin. Mutumin da ya tsaya yana duba kaya yana cin kusan santimita 70 na hanya. Da yake rumfuna suna fuskantar juna, masu tsayawa a ɓangarorin biyu sun cinye mita 1.4, saura mita 1.6. Wannan ya ishi mutum biyu su gitta juna, ya kuma ishi mai keken guragu ya juya, tunda juyawarsa tana buƙatar mita 1.5. To, idan na dama ya turo kaya rabin mita, na hagu ya ga haka shi ma ya turo nasa, abin da ya rage santimita 60 ne, wato mutum ɗaya da ƙyar. Daga nan sai cunkoso ya taru a baya, wanda ke cikin matsi kuwa ba ya tsayawa ciniki, neman mafita yake yi. Wanda ya turo teburin shi ne zai fara rasa mai saye, sannan duk maƙwabtansa na gaba.

Saboda haka akwai jan tef a ƙasa a bakin kowace rumfa. Tebur, kujera, allon talla, mutum-mutumin tufafi, kwali, duk su tsaya a bayansa. Mai raba takardun talla ma ya tsaya a cikin rumfarsa. Gargaɗi sau ɗaya ne, a karo na biyu ma'aikata za su ɗauke kayan su kai ma'ajiya.

Inda baƙo zai bi

Ƙofar shiga tana kusurwar kudu maso yamma, ta fita tana kusurwar arewa maso gabas. Abin da ake so shi ne baƙo ya bi hanyar kudu zuwa gabas, ya dawo yamma ta hanyar tsakiya, sannan ya sake nufar gabas ta hanyar arewa ya fita, ya zama ya wuce ta gaban dukkan rumfuna 60. Da an buɗe babbar ƙofar da ke tsakiyar bangon yamma, da kowa ya zarce hanyar tsakiya ya dawo ta inda ya bi, masu layin A da B, da na E da F, su wuni suna kallon juna. Wannan ƙofa za ta zauna a matsayin mafitar gaggawa: a rufe, amma ba a kulle ba.

Kibiya a ƙasa ba ta tilasta wa kowa, mutum yana bin abin da idonsa ya hango ne. Shi ya sa aka sa dandalin gwada kaya a ƙarshen hanyar kudu, inda mai shigowa zai hango shi tun daga teburin rajista. Wurin zama da abin sha kuma yana yammacin hanyar tsakiya, yadda wanda ya gama kallo a dandali zai gan shi ya nufo shi. Igiya ce za ta raba wurin zaman da wurin rajista, don kada sabon shigowa ya yanke.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne gabas. Wanda ya iso dandali zai iya hango ƙofar fita ya tafi, alhali rumfuna 20 kawai ya gani. Za a jera tukwanen furanni da ba su wuce ƙugu ba daga ƙarshen layin B da C zuwa gabas, a bar mita 2 a buɗe a jikin bango, a kuma tsayar da ma'aikaci ɗaya yana nuna hanyar tsakiya. Kada a rufe alamar mafita ko a kare ta da wani abu. Wanda ya ce fita zai yi, a bar shi ya wuce.

Rajista da yawan mutane

Masu zauren sun ƙayyade mutum 600 a lokaci ɗaya. Idan an cire masu rumfuna 120, biyu a kowace rumfa, da ma'aikata 30, saura baƙi 450. Masu kula da ƙofar shiga da ta fita za su riƙe na'urar ƙirga, su haɗa lissafi duk minti 15. Da zarar baƙin ciki sun kai 420, a fara shigar da mutane rukuni-rukuni, gwargwadon waɗanda suka fita.

Rajistar mutum ɗaya tana ɗaukar kusan daƙiƙa 30, ke nan tebur ɗaya yana sallamar mutum 120 a awa. Muna sa ran baƙi 400 a awa da tsakar ranar Asabar, don haka tebur huɗu za a buɗe a lokacin, biyu a sauran lokuta. Layi ɗaya ne zai ciyar da duk teburan, kuma a waje zai tsaya, ƙarƙashin rumfar inuwa. Mita 3 na farko bayan ƙofa a bar su wayam, domin a nan kowa ke tsayawa ya waiwaya ko ya jira abokin tafiyarsa. Allon taswira yana gefen dama, nesa da bakin hanya.

Wa ke zama ina

Rumfunan kusurwa 16 ne, huɗu a kowane ɗayan gungu huɗu na tsakiya, kuma suna buɗewa ta fuska biyu. An ba da su ga masu tara jama'a, wato masu ba da ɗanɗano da masu gwada na'ura, domin taronsu ya samu wurin bazuwa. Sauran rumfuna da ƙuri'a aka raba su a cikin kowane rukunin sana'a.

Masu sana'a iri ɗaya suna hanya ɗaya, don mai saye ya iya kwatantawa, amma ba a sa biyu suna fuskantar juna ko kafaɗa da kafaɗa ba. Masu turare da sabulu suna layin A, masu kayan ci suna layin F, da faɗin zauren a tsakaninsu, saboda ƙamshi yana kama abinci. Masu ba da shawara kan lissafi, inshora da rajistar kasuwanci suna yammacin hanyar arewa, nesa da dandali, inda za a iya magana ba da ihu ba. Ba a yarda da lasifika a rumfa ba.

Ginshiƙai biyu sun faɗo cikin rumfunan B3 da E8, kowanne ya ci santimita 60 da 60. An sanar da masu waɗannan rumfuna tun kafin ƙuri'a.

Cikin rumfa

Mita 3 ɗin daga tsakiyar sanda zuwa tsakiyar sanda aka auna, don haka filin ciki bai cika ba. Kada a kawo kanta ko allo da ya wuce mita 2.9 a faɗi, ko mita 2.5 a tsayi. Kowace rumfa tana da tebur ɗaya mai tsawon mita 1.8 da kujeru biyu. Shawararmu ita ce a ajiye teburin a gefe, ya miƙe zuwa ciki. Idan aka gicciye shi a baki, an tare mai saye a waje, ya tsaya a hanya ana tunkuɗarsa. Idan yana gefe, mutum uku ko huɗu za su shigo su tsaya a natse. Kayan da suka fi ɗaukar ido su hau bangon baya, daidai tsayin fuska, kuma sunan kasuwanci ya karantu daga tsallaken hanya.

Lantarki

Soket ɗaya ne a kowace rumfa, iyakarsa wat 500, wanda ya isa fitilu, cajin waya da kwamfuta. Rumfuna biyar-biyar ke kan layin wuta ɗaya. Butar lantarki ɗaya tana jan kusan wat 2,000, idan aka jona ta sai wuta ta ɗauke wa maƙwabta huɗu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Masu firji, dutsen guga ko injin ɗinki da suka rubuta buƙatarsu a fom an sa su a layin A da F, an ja musu waya ta daban. Waya ba za ta tsallaka hanya a ƙasa ba sai a cikin marfin roba. Tukunyar kashe gobara tana ƙarshen kowane layi da gefen kowace ƙofa, kuma ba a rataye komai a kanta.

Shata ƙasa da shigo da kaya

Masu shata ƙasa su fara da layin tsakiyar zauren, su auna zuwa kudu da arewa, domin bango ba ya rasa karkata, kuma kuskuren santimita 2 a kowace rumfa ya zama 20 a ƙarshen layi. A daidaita kusurwa da ma'aunin mita 3, 4 da 5. Daga kusurwa zuwa kusurwar rumfa mita 4.24 ne ta kowane ɓangare, idan suka bambanta a ɗaga tef a sake. A yi amfani da tef ɗin da ba ya barin danƙo a daɓe.

Ranar Laraba kaya za su shigo ta ƙofar kaya da ke gabas kawai. Layukan B, C, D da E daga ƙarfe 8 zuwa 12, A da F daga 1 zuwa 5. Mota tana da minti 20 a bakin ƙofa: a sauke, a kai motar wurin ajiye motoci, sannan a dawo a jera. Kwalaye marasa kaya su tafi ma'ajiya da lambar rumfa a jiki. Da ƙarfe 6 kwamiti zai zaga da sanda mai tsawon mita 3 a gicciye, duk abin da ta taɓa a hanyar kudu ko ta arewa ya matsa ciki.

A ranakun baje koli ana ƙara kaya ne daga ƙarfe 8 zuwa 9:30 na safe, bayan haka ba amalanke a hanya. Ranar Asabar ba a fara kwashe kaya sai mai kula da ƙofa ya sanar cewa baƙi sun gama fita. A da F ne za su fara, na tsakiya su biyo bayan awa ɗaya, a miƙa zauren ga masu shi da ƙarfe 10 na dare.

Kwamitin Tsare-tsare