Wasiƙa Zuwa ga Likitan Fata: Roƙon a Matso da Ranar Ganin Likita

Unguwar Kanti,
Kazaure, Jihar Jigawa.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Babban Likitan Fata,
Sashen Cututtukan Fata,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Sunana Binta Adamu, shekarata 47, malamar firamare ce ni a nan Kazaure. Likitan da nake gani a asibitinmu na gida ne ya turo ni wurinka saboda wata tawadar Allah da ke tafin ƙafata ta hagu. Ranar Alhamis da ta wuce maigidana ya kawo takardar turawar, aka buɗe mini kati, aka ba ni ranar 20 ga Oktoba. Daga yau mako 14 ke nan cif. Ban ga laifin wanda ya rubuta ranar ba, littafi ya duba ya ba ni gurbin da ya samu. Sai dai shi takarda ya gani, bai ga ƙafar ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka da hannuna yadda abin yake, ka duba ko akwai halin a matso da ni.

Tawadar nan da ita na tashi. Tana ƙasan diddige kaɗan, ta gefen ciki, inda tafin ƙafa ya fara lotsawa. Tun ina yarinya marigayiya mahaifiyata kan tsokane ni da ita, ta ce ko a kasuwar Kurmi na ɓata da wannan za a gane ni. Girmanta bai fi ƙwayar gero ba, a zagaye take, launinta ɗaya, ruwan ƙasa mai duhu, kuma a shafe take da fata, ko ka shafa ba za ka ji tudu ba. Na yi aure da ita, na haifi 'ya'ya biyar da ita, ba ta taɓa ƙaruwa ba, ba ta taɓa yi mini ƙaiƙayi ba. Fiye da shekara arba'in tana zaune wuri ɗaya.

Ba ni na fara lura da canjin ba. Waye ke zama ya juya tafin ƙafarsa yana kallo? A ƙarshen watan Maris, ana saura kwana biyu ƙaramar sallah, mai yi mini lalle ta zo gida. Ta fi shekara goma tana riƙe ƙafar nan, ta san ta fiye da ni. Ta ɗaga ta za ta fara, sai ta tsaya ta ce, "Malama, tawadarki ta fashe ne? Ai da ba haka take ba." Na yi dariya na ce tsufa ne. Ta ɗora lallenta a kai, ya kama ya yi baƙi, abin ya ɓuya. Wannan kuskurena ne, Likita, don ya ci mini mako uku kafin lallen ya dusashe in iya ganin wurin da kyau.

Ranar 21 ga Afrilu na sa babbar 'yata ta ɗauko rula daga jakar makarantar ƙaninta muka auna: milimita 6. Ranar 2 ga Yuni muka sake, ta kai 8. Shekaranjiya Asabar, 12 ga Yuli, tsawonta milimita 11, faɗinta 7. Duk awon nan uku mun ɗauki hoto da waya, rular tana gefe, a tsakar gida da hantsi don haske ya zama iri ɗaya. Na wanke hotunan na haɗa da wannan wasiƙa, kwanan wata yana bayan kowanne.

Amma ba girman ba ne ya fi tayar mini da hankali, kamanninta ne. Yanzu ba a zagaye take ba. Ɓangaren da ke kallon diddige ya tsaya kusan yadda yake, ɗaya ɓangaren kuwa ya bazu wajen tsakiyar ƙafa, bakinsa ba santsi, kamar tawadar biro da ta zuba a kan atamfa ta bi zare. Akwai inda ba za ka iya cewa ga ƙarshen tawada ga farkon fata ba. Launin ma ya rabu. Tsakiyar ta yi baƙi ƙirin, gefen da ya bazu ruwan ƙasa ne mai haske, sai wani ɗan wuri kamar kan ashana da ya yi toka-toka. Tun wajen babbar sallah kuma tsakiyar ta ɗan taso, in na shafa da yatsa ina jin tudu mai tauri, abin da ban taɓa ji ba a da.

Ƙaiƙayi ya fara a watan Mayu, ba kullum ba, ya fi da dare. Zafi kam babu, ina taka ƙafata lafiya, ina zuwa makaranta a ƙasa. Ta yi jini sau biyu. Na farko ranar 18 ga Yuni, ina goge kaushi da dutse bayan wanka, ban ma kai kanta sosai ba sai ga jini. Wannan na ce ni na jawo, na daina amfani da dutsen. Na biyun shi ne ya sa na kasa barci: ranar 3 ga Yuli na cire safa bayan sallar asuba na tarar da ɗigon jini a jiki, ban buge ba, ban taka komai ba. Tun daga ranar sai ta yi ɗan ɓawo, ya faɗi, wurin ya jiƙe, ya sake yin wani. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai rufe ba.

Gara in faɗa maka abin da na shafa, kada ka gani ka yi mamaki. A watan Mayu mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ƙila cin ruwa ne, ya ba ni wani man shafawa, na yi mako biyu ina sawa, ko gezau. Kwalin yana nan zan zo da shi. Wata ƙanwar babana kuma ta dage a kira wanzami ya yanke a huta, wata maƙwabciya ta ce a ɗora kanwa da toka. Ban yarda ba, kuma likitanmu da ya ji ya ja mini kunne sosai. Ya ce in aka yanke ta a gida ko aka ƙone ta, an ɓata abin da za a kai ɗakin gwaji, kuma abin da ke ƙarƙashi yana nan. Yanzu ruwa da sabulu kawai nake sa mata, in rufe da auduga da filasta. Lalle kuwa ban ƙara sawa ba, ko na bikin 'yar yayata da aka yi makon jiya ban yi ba, har ana ta yi mini tsiya. Ina so ka ga launin yadda yake.

Likitanmu ya duba ni ranar 8 ga Yuli. Ya latsa matsematsina da bayan gwiwa bai ji kaluluwa ba, ni ma ban ji ba. Ya duba tafin hannuwana da faratana da ɗaya ƙafar, babu komai. Bai ce mini ga abin da ke damuna ba, ya ce ba a yanke hukunci da ido, sai an duba da na'urar likitan fata, in ta kama a cire a kai gwaji. Amma bai ɓoye mini abin da yake tsoro ba. Ya ce akwai sankarar fata da ake kira melanoma, mu baƙaƙen fata ba mu cika samunta ba, amma in ta zo mana ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ma ba ta cika dukansu ba. Ya lissafa alamomin da ake dubawa: ɓangarorin tawada su ƙi daidaita, bakinta ya yi kaca-kaca, launi ya rabu, faɗi ya wuce milimita 6, sannan ta riƙa canzawa. Yana faɗa ina ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin hijabi, sai da yatsun suka ƙare. Ya kuma ce abin da ya fi muhimmanci a wannan cuta shi ne zurfin da ta yi cikin fata lokacin da aka cire ta, wadda aka cire tun tana sama-sama ta fi sauƙin warkewa nesa ba kusa ba.

Wannan maganar ce ta sa na kasa haƙura da Oktoba. Na san yana yiwuwa ba ita ba ce, ina kuma roƙon Allah Ya sa haka. To amma abin da ya tashi daga milimita 6 zuwa 11 cikin ƙasa da mako 12, ina tsoron inda zai kai in aka ƙara masa mako 14.

Sauran lafiyata ga yadda take. Ina da hawan jini tun 2019, ina shan amlodifin miligiram 5 kullum da safe, kuma yana zaune daidai. An gwada ni ba ni da ciwon suga. Ba na shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Ban taɓa shafa man bilicin ba. An taɓa yi mini allurar kashe zafi wajen cire haƙori, ba ta ba ni matsala ba. Ban rame ba, ina cin abinci, ba zazzaɓi. Na tambayi yayyena, babu wanda ya tuna an taɓa yin irin wannan ciwo a danginmu.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a gan ni cikin mako biyu masu zuwa in da hali. Na san layin da ke gabanka, na san akwai waɗanda suka riga ni kuma suna cikin wahala, ba ina neman in tsallake kowa don son kai ba ne. In wani ya fasa zuwa, a ba ni gurbinsa ko da da safiyar ranar aka kira ni. Daga Kazaure zuwa Kano ba ta kai awa biyu ba, maigidana yana da mota, shugabar makarantarmu kuma ta san halin da nake ciki ta ce in tafi duk ranar da aka neme ni. In kai ba ka da sarari, na yarda wani daga cikin likitocin da ke ƙarƙashinka ya fara dubawa. In kuma ka kalli hotunan ka ga aikin na likitan tiyata ne kai tsaye, don Allah a tura ni can ba sai na jira Oktoba kafin a faɗa mini haka ba.

Akwai abu biyu da nake so a sanar da ni kafin in zo. In za a cire ta a ranar, kwana nawa zan yi ban taka ƙafar ba, don in shirya wanda zai riƙe mini aji da gida? Sannan wane kuɗi zan tanada na aikin da na gwaji?

Na haɗo da kwafin takardar turawa, da kwafin katina, da hotuna uku. Lambar wayata da ta maigidana suna kan takardar turawar, dukkansu a kunne suke dare da rana.

Na gode da karanta wannan doguwar wasiƙa. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Taka mai biyayya,
Binta Adamu