Ranar da Safiya ta bi Umma sari Kantin Kwari

Hajiya Rabi, wadda Safiya ke kira Umma, ta daɗe tana saro atamfa a Kwari tana saidawa a ɗan shagonta na Kasuwar Rimi, to yanzu ƙafa ta fara damunta shi ne tace dole Safiya ta koyi sari da kanta, ranar Asabar suka hau adaidaita tare.

Tun a bakin layi wani saurayi ya tare su, Hajiya me ake nema, ku zo akwai sabon kaya. Umma ko kallonsa bata yi ba, sai da suka wuce tace "kin ga wannan bai da shago, kai ki zai yi wajen wani, kuma la'adarsa a kan kuɗinki za a ɗora."

Suna shiga wani shago idon Safiya ya faɗa kan wata shuɗiya mai ƙyalli, mai shagon yace ai wannan babba ce, turmi dubu 28 kuma wai don Hajiya ce. Yarinya har ta fara murmushi.

"Rufe bakinki," inji Umma ƙasa ƙasa, "in ya ga kina so kin gama ƙara ma kanki kuɗi. Juya bayanta mu gani."

Ta juya. Bayan ya koɗe, gaban ne kawai ya sha kala.

"Mai kyau gaba da baya kusan ɗaya suke. Yanzu murza gefen."

Ta murza sosai sai ga wurin ya saki yayi laƙwas, ashe duk ƙarfin nan da ƙyallin sitaci ne, wanki ɗaya zai tafi. Umma ta zaro zare ɗaya a bakin zanen ta miƙa mata tace in sun je gida ta sa mai ashana, auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Tasa aka auna kuma aka ga yadi shida ɗin ma da ƙyar ya cika.

"Umma to nawa zan taya?"

"Ba yanzu ba, sai mun ji bakin shago uku tukuna."

Haka suka yi ta zagaye cikin cunkoso da zafin rana, wlh Safiya har ta gaji, amma irin zanen nan sak wani yace 15 wani yace 14 da rabi. Da suka dawo shagon farko Umma ta ja gefe ta bar ta.

"Alhaji 13," muryarta har rawa take.

"Haba 'yata, albarka."

Ta kalli Umma, Umma ta ɗauke kai kamar bata san ta ba. Safiya ta ajiye turmin ta juya, bata kai bakin ƙofa ba taji yace kawo 14 na sallama.

Tace a'a, in sari ne turmi biyar zata ɗauka, 13 da rabi.

Alhaji yayi dariya ya jawo leda.